Kafin Malam Ya Sa Hannu: Yadda Ake Roƙon Takardar Shaida Ta Imel

Daga watan Satumba zuwa Disamba, akwatunan imel na malaman jami'a kan cika da wani irin saƙo da kusan kowane lakcara ya haddace. Gaisuwa ce layi biyu, sai a ce: ni tsohon ɗalibinka ne, ina neman tallafin karatu a waje, don Allah a taimaka mini da takardar shaida, jibi za a rufe. Babu shekarar da aka gama, babu kwas ɗin da aka ɗauka, babu sunan tallafin. Wani lokacin ma sunan mai saƙon ba ya fitowa, sai laƙabin da ya buɗe adireshin imel da shi tun yana sakandare.

Malamin da ya karɓi wannan saƙo hanya uku gare shi. Ko ya yi shiru, ko ya nemi ƙarin bayani lokaci na tafiya, ko ya buɗe wata tsohuwar takarda da ya rubuta wa wani bara, ya goge suna ya sa sabo. Ta ukun ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi cutar da ɗalibi, domin shi yana murna ya samu takarda, alhali abin da ke hannunsa bai ce komai a kansa ba. Mai ladabi ne, mai ƙwazo ne, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Masu tantancewa sun karanta irinta har sun gaji.

Abin da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi shi ne, malamin da ya koyar da aji mai mutum ɗari uku shekara huɗu da suka wuce ba zai tuna da su ba, kuma wannan ba wulaƙanci ba ne. Shi ɗalibi malamai talatin ko arba'in ya gani a duk zamansa na jami'a, shi kuwa malami dubbai suka wuce ta gabansa. Saboda haka aikin imel ɗin ba roƙo kaɗai ba ne. Shi zai tuna wa malam waye mai maganar, ya ɗora masa abin rubutawa a hannu, sannan ya bar masa lokacin da zai rubuta.

Kowane tallafi da hanyarsa

Kafin a rubuta ko da kalma ɗaya, sai an san ta wace hanya takardar za ta isa, domin hukumomin ba su yi daidai ba, kuma nan ne ake fara tuntuɓe.

A ɗauki tallafin Commonwealth na digiri na biyu, wanda gwamnatin Birtaniya ke ɗaukar nauyinsa a ƙarƙashin wani shiri da aka kafa tun 1959. Ana son aƙalla takardun shaida biyu, masu sa hannu, a kan takarda mai tambarin ma'aikatar wanda ya rubuta ko kuma imel da ke nuna bayanansa a fili, kuma ɗalibin ne da kansa zai ɗora su a shafin neman a matsayin PDF. A 'yan shekarun nan ana buɗe shafin a Satumba a rufe a tsakiyar Oktoba, wato mako biyar zuwa shida ke nan gaba ɗaya. Ɗan Najeriya kuma yana da ƙarin mataki, domin sai wata hukuma ta gabatar da shi, kuma wadda aka fi bi ita ce Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a Abuja.

Chevening, wanda aka fara a 1983, shi ma shaidu biyu yake so, amma tsarinsa daban ne. Ana rubuta sunayen masu shaidar tun a fom, takardun kuwa sai an gayyaci mutum ganawa ake neman su, watanni bayan rufe shafi. Abin da yake son ji ma daban ne: iya jagoranci, iya hulɗa da jama'a, da ko mutum zai jure karatun shekara guda mai matsi a Birtaniya. Tun da sai wanda ya yi aiki na shekara biyu ake ɗauka, galibi ɗaya daga cikin shaidun shugaban wurin aiki ne.

Sai hanya ta uku, wadda manyan jami'o'in Birtaniya da Amurka suka fi bi. A nan ɗalibi ba ya taɓa takardar ko kaɗan. Yana sa adireshin imel na malam a fom, sai jami'ar ta aika wa malam mahaɗi, shi kuma ya shiga ya amsa tambayoyi ya ɗora takardarsa. Jami'ar Oxford shaidu uku take nema ga mai son digiri na biyu ko na uku, Cambridge biyu na ɓangaren karatu. A Amurka kuma akwai wata doka ta 1974 da ta ba ɗalibi damar ganin abin da aka rubuta a kansa, shi ya sa fom ke tambayarsa ko ya yafe wannan dama. An fi so ya yafe, domin takardar da aka rubuta a ɓoye ta fi nauyi a idon masu dubawa. Shirye-shiryen DAAD na Jamus kuwa an san su da son tambari da sa hannu da hatimi da kwanan wata na kusa.

Malami ba zai je ya binciko duk wannan ba. Wanda ke neman tallafin ne zai karanta ƙa'idar, ya taƙaita masa ita a layi uku.

Wane malami?

Akwai wata tsohuwar fahimta cewa girman muƙamin mai sa hannu shi ne girman takarda. Sai ka ga ɗalibi ya bar Doktan da ya duba masa furojet wata takwas, ya bi ta hannun kawunsa yana neman wani Farfesa ko shugaban tsangaya da bai taɓa zama ajinsa ba. Fom ɗin kuwa tambayar farko da yake yi wa mai shaida ita ce: tun yaushe ka san shi, kuma ta wace fuska? Farfesan da bai san mutum ba ba shi da amsa sai ta kame-kame. Doktan da ya yi ta mayar masa da babi na huɗu da jan biro yana da labarin da zai bayar.

Don haka na farko a layi shi ne wanda ya duba furojet. Na biyu, malamin da aka ɗauki kwas ɗinsa fiye da ɗaya aka kuma ci da kyau, musamman idan kwas ɗin ya shafi abin da za a karanta. Yana da kyau a ajiye mutum na uku a zuciya, don ko ɗaya ya yi tafiya ko ya yi shiru. Dangi da abokai ba sa cikin lissafi, ko da suna koyarwa a jami'a.

A ga aikin a aikace

A ɗauka ga wata ɗaliba da ta karanta kimiyyar sinadarai a wata jami'a a Arewa, ta gama a 2021, ta yi hidimar ƙasa, yanzu tana aiki a ɗakin gwajin ruwa. Tana son digiri na biyu a fannin kula da ruwa da muhalli ta hanyar Commonwealth. A ce ranar rufewa 14 ga Oktoba. Ba ta jira an buɗe shafi ba, ta rubuta wa malamin da ya duba furojet ɗinta ranar 25 ga Agusta, saura mako bakwai.

A zahiri irin wannan saƙo da Turanci ake rubuta shi a jami'o'in Najeriya, a Nijar kuma da Faransanci, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. A layin kan saƙo ta sa abu uku: roƙon takardar shaida, cikakken sunanta, da ranar da take buƙata. Wannan layi ba ƙaramin aiki yake yi ba, domin malami a waya yake duba imel, tsakanin lacca da taro, kuma da shi zai nemo saƙon bayan mako uku. Sannan ta rubuta:

"Assalamu alaikum Dokta. Da fatan Malam yana lafiya, ya aiki ya ɗalibai. Ni ce ɗalibar da Malam ya duba wa furojet a zangon 2020/2021, a kan auna sinadarin kuromiyam a ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa. Na kuma ɗauki kwas ɗin Malam na nazarin sinadaran muhalli a aji huɗu, na samu A. Ga lambar rajistata a ƙasa. Malam zai iya tuna lokacin da na'urar gwaji ta sashe ta lalace, na kai samfura goma sha biyu wani ɗakin gwaji da izinin Malam, muka sake awon sau biyu saboda sakamakon farko bai yi daidai ba.

"Ina neman tallafin Commonwealth don yin digiri na biyu a kan kula da ruwa a Birtaniya, kuma ina roƙon ko Malam zai iya rubuta mini takardar shaida mai ƙarfi. Hukumar na son ta a kan takarda mai tambarin jami'a, da sa hannu, a matsayin PDF, ni zan ɗora ta da kaina. Abin da suka fi dubawa shi ne ƙoƙari a karatu, ingancin shirin karatun, da amfanin da zai yi wa ƙasa idan an dawo. Za a rufe 14 ga Oktoba, amma zan so ta zo hannuna kafin 30 ga Satumba don in samu damar gyara idan wani abu ya taso.

"Na haɗo tarihin karatu da aikina, sakamakon jarrabawata na shekara huɗu, taƙaitaccen bayanin furojet, daftarin bayanin da na rubuta wa hukumar, da shafin ƙa'idarsu. Idan aiki ya yi wa Malam yawa a wannan lokaci, ko Malam yana ganin wani ya fi dacewa, babu komai, a sanar da ni kawai don in nema da wuri. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Saƙon bai cika shafi ɗaya ba, amma kowane yanki nasa da aikinsa.

Gaisuwar gajeriya ce. Bahaushe ba ya faɗa wa babba da buƙata babu sallama, kuma babu dalilin da zai sa imel ya canza wannan. Sai dai gaisuwar zaure, wadda ake bi ta kan gajiya da iyali da sanyi da labarin gari, ba ta da wuri a nan. Layi ɗaya ya wadatar. Abin da ya fi gaisuwa muhimmanci shi ne muƙami. Wanda aka bari yana Dokta a 2021 mai yiwuwa ya zama Farfesa, kuma duba shafin sashe na minti biyu ya isa ya hana wannan ɓaranɓarama. Idan malama ce, haka nan: Dokta ko Farfesa, ba Hajiya ko Anti ba, sai fa idan da ma haka aka saba.

Zuciyar saƙon kuwa ita ce maganar na'urar da ta lalace. Sunan ɗaliba ba zai tuna wa malam komai ba, akwai masu irin sunan da dama a kowane aji. Lambar rajista amfaninta a ofis ne, idan zai duba fayil. Amma samfura goma sha biyu da aka ɗauka zuwa wani ɗakin gwaji, da awon da aka maimaita, wannan zai dawo masa da fuskarta. Ban da haka ma, ta ba shi abin da zai rubuta. Maimakon ya ce mai ƙwazo ce, zai iya cewa lokacin da kayan aiki suka gaza ba ta zauna ba, kuma da sakamako ya zo da shakka ita ta nemi a sake. Jimla ɗaya irin wannan ta fi sakin layi uku na yabo, saboda mai tantancewa yana iya ganin abin da ya faru da idon zuciyarsa.

Ga wanda bai yi wani abin a-zo-a-gani ba, ba sai ya ƙirƙira ba. Gabatarwar da ya yi a aji, aikin rukunin da ya jagoranta, tambayar da ya biyo malam ofis da ita, makin da ya tashi daga C a aji biyu zuwa A a aji huɗu, duk abin kamawa ne. Sharaɗin kawai ya zama gaskiya, kuma abin da malam ya gani da idonsa. Gidan marayun da ɗalibi ke taimakawa a unguwarsu abu ne mai kyau, amma malamin sinadarai ba shaidarsa ba ne.

Sai kalmar "mai ƙarfi", da kuma ƙofar da ta bar wa malam a ƙarshe. Wasu na ganin wannan kamar rashin kunya ne, ko kuma ba malam hanyar zillewa. A gaskiya kariya ce ga ɗalibin. A al'adarmu da wuya babba ya ce wa ƙarami a'a kai tsaye, sai dai ya ce to, sannan ko ya yi ta jan ƙafa ko ya rubuta abin da ba yabo ba fallasa. Takarda mai sanyi irin wannan ba a iya gane ta sai an riga an makara, musamman a tsarin da ɗalibi ba ya ganin ta. Idan an ba malam hanyar cewa "aiki ya yi yawa" ba tare da kunya ba, wanda ba shi da abin faɗa zai bi ta nan ya fita, ɗalibi kuma ya sami mako shida na neman wani.

Takardun da za a haɗa ba sa buƙatar dogon bayani. Su zama PDF, ba hotunan waya masu inuwar yatsa ba, kowanne da suna mai ma'ana wanda ya ƙunshi sunan mai shi. Huɗu ko biyar sun isa. Sakamakon jarrabawa ba sai na hukuma mai hatimi ba, wanda kan ɗauki watanni kafin ya fito, kwafin ɗalibi ya wadatar da malam. Amfaninsa shi ne ya ga matsayin mutum da idonsa. Commonwealth na neman aƙalla daraja ta biyu babba, wadda ɗalibai ke kira tu-wan, wato 3.50 zuwa 4.49 a ma'aunin maki biyar. Malamin da ke da takardar a gabansa zai iya cewa ɗalibar tana cikin na gaba a ajinta, kuma fom da yawa na tambayar hakan kai tsaye. Daftarin bayanin da aka rubuta wa hukumar shi ma a tura shi ko bai kammala ba, don kada ɗaliba ta ce ruwan sha take son karanta, malam kuma ya yabe ta a kan man fetur.

Lissafin lokaci

Mako huɗu shi ne mafi ƙaranci da ya kamata a ba malami, shida zuwa takwas ya fi. Ba don rubutun na cin wata guda ba, awa ɗaya ko biyu ne idan kayan aiki na hannu. Matsalar ita ce samun wannan awa. Malamin jami'a yana da lacca, da duba takardun jarrabawa ɗari-ɗari, da ɗaliban digiri na biyu da na uku, da tarukan sashe, da zuwa wata jami'a a matsayin mai jarrabawa na waje. Takarda mai tambari ma ba a aljihunsa take ba, wani lokaci sai an karɓo a ofishin shugaban sashe, a buga, a sa hannu, a nemi na'urar ɗaukar hoton takarda, a kuma yi fatan akwai wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da kalandar Birtaniya ba ta sani ba. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda aka yi a 2020 na kusan wata tara. A irin wannan lokaci malamai kan watse, ofisoshi a rufe, amma ranakun rufe tallafi ba sa matsawa ko da kwana ɗaya. Ko babu yajin aiki, akwai hutun shekara guda da malami kan ɗauka ya koma wata jami'a, akwai Umara da Hajji, akwai taron ƙara wa juna sani a waje. Wanda ya tambaya a Agusta zai ji wannan a Agusta.

Shi ya sa ɗalibar ta ambaci rana biyu: ta hukuma da tata. Ba ta ɓoye ta gaskiyar ba, kuma wannan daidai ne. Wasu kan yi wa malam ƙaryar cewa za a rufe mako biyu kafin ainihin ranar, sai ya buɗe shafin ƙa'ida ya ga gaskiya, daga nan kuma yarda ta ragu. A faɗi ranar, a faɗi awa, a faɗi agogon wace ƙasa. Oxford, alal misali, da ƙarfe 12 na rana agogon Birtaniya take rufewa, ba tsakar dare ba. A watannin sanyi wannan ƙarfe 1 na rana ne a Najeriya da Nijar, amma kafin Lahadin ƙarshe ta Oktoba, lokacin da Birtaniya ke kan agogon bazara, awar ɗaya ce da tamu.

Idan mako ya wuce babu amsa, shiru ba a'a ba ne. Malamai da yawa ba sa buɗe imel kullum. A nan ne WhatsApp ko saƙon tes ke da amfani, amma a matsayin ɗan aike kawai: sallama, suna, na turo wa Malam imel ranar kaza game da takardar shaida, don Allah a duba. Ba saƙon murya na minti huɗu ba, ba kira da ƙarfe goma na dare ba. Wanda ke gari ɗaya da malam, zuwa ofis da kwafin takardun a hannu ya fi komai sauri, kuma ga malamai dattawa shi ne ladabin da suke tsammani. Amma ko an je an dawo, a tura imel ɗin, domin maganar baka ba ta riƙe kwanan wata. Idan mako biyu ya cika ba a ji komai ba, lokacin tuntuɓar mutum na uku ya yi.

Bayan malam ya amsa, tuni biyu sun isa: ɗaya saura kwana goma, ɗaya saura uku. A yi su a kan saƙon farko, don takardun su kasance a ƙasa ba sai ya nema ba.

Inda abin ke lalacewa

A tsarin mahaɗi, mafi yawan matsala daga adireshi take. Jami'o'in waje sun fi yarda da adireshin ma'aikata, irin mai ƙarewa da .edu.ng, fiye da Gmail ko Yahoo, domin kowa na iya buɗe waɗannan da sunan kowa. To amma malamai da yawa a nan Gmail suke rayuwa a kai, adireshin jami'ar kuwa an buɗe musu ne sun manta da kalmar sirrinsa. Ɗalibi ya kwafo shi daga shafin sashe ya sa a fom, mahaɗi ya tafi akwatin da ba a buɗe ba tun bara. Maganin tambaya ce guda a imel na farko: wane adireshi zan sa, kuma Malam yana buɗe shi? Ranar da aka sa adireshin kuma a sanar da malam cewa saƙo na zuwa daga jami'a kaza, idan bai gani ba ya duba Spam. Shafin neman yakan nuna ko an aika, ko an ɗora. Idan kwana biyar suka wuce alamar ba ta motsa ba, galibi akwai maɓallin sake aikawa.

Sai kuma amsar da kusan kowane ɗalibi ya taɓa ji: rubuto ka kawo in sa hannu. Malam ba da mugunta yake faɗa ba, gajiya ce. Amma hukumomi da yawa ba su yarda da hakan ba, kuma ana ganewa. Idan ɗalibi ya rubuta takardu biyu ga malamai biyu, ga kuma bayaninsa na kansa, sai a ga salo ɗaya da kuskuren nahawu ɗaya a wuri uku. Hanyar tsakiya ita ce a ce wa malam za a turo masa bayanai a jere, ba wasiƙa ba: shekarun da ya san mutum, kwasa-kwasai da maki, abu biyu ko uku da suka faru, da abin da hukumar ke son ji. Hukuncin, wato ko mutum ya cancanta da kuma yadda ya kai a cikin tsararsa, a bar wa malam da kalmominsa. Wanda ya tura cikakken imel tun farko ma ba kasafai yake jin wannan amsa ba, domin rabin aikin ya riga ya yi.

Abin da ba shi da hanyar tsakiya shi ne buɗe adireshi da sunan malam, ko karɓar mahaɗinsa a cike a madadinsa, ko ɗora tambarin jami'a a kan takardar da bai gani ba. Wannan jabu ne. Hukumomi kan tuntuɓi mai shaida don tabbatarwa, kuma idan asiri ya tonu ana iya janye tallafin ko da mutum ya riga ya sauka a can. Maganar kuɗi ma kada ta shigo, takardar shaida ba ta sayarwa ba ce.

A tsarin da takardar ke biyowa ta hannun ɗalibi, sai a karanta ta da kyau kafin a ɗora. Suna ya yi daidai da na fasfo? Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne a Kano, amma a kwamfutar hukuma biyu ne, haka ma macen da ta gama da sunan mahaifi ta yi fasfo da na miji. Sunan tallafin daidai ne, ko na Chevening ya maƙale a takardar Commonwealth? Idan malam ya gyara tsohuwar takarda ce, wani lokaci "shi" kan rage a inda ya kamata a ga "ita". Akwai kwanan wata, sa hannu, muƙami da adireshin malam? Mako biyun da ɗalibar ta ware tsakanin 30 ga Satumba da 14 ga Oktoba na wannan ne. Idan an ga kuskure, ba ɗalibi ne zai gyara ba. Malam za a mayar wa, a nuna masa layin cikin ladabi.

Mai neman tallafi kuma da wuya ya tsaya a guda. Bayan na Oktoba akwai wani reshen Commonwealth da ake haɗa gwiwa da jami'o'i, wanda kan rufe wajen Disamba, ga na jami'o'i daban-daban har cikin Janairu. Idan haka ne shirin, a faɗa tun a saƙon farko, a jera su da ranakunsu da hanyar kowanne, don malam ya rubuta gangar jiki ɗaya ya riƙa sauya kai. Ya fi a dawo masa sau huɗu, kowane zuwa da gaggawarsa. Ranar da aka ɗora a tura masa godiya, ranar da sakamako ya fito kuma a sanar da shi, an samu ko ba a samu ba. Mutane da dama sai a nema na biyu ko na uku suke dacewa, kuma takardar bana ba ta shiga badi sai da sabon kwanan wata da sabon sa hannun malamin.